Taron daidaita hasashen ciniki da ƙarfin masana'anta: yadda ake gano giɓi tun da sauran lokaci

A kowane kamfani da ke ƙera kaya ya sayar akwai lissafi uku da ba su cika zuwa ɗaya ba. Sashen ciniki yana da adadin da yake sa ran zai sayar, masana'anta tana da adadin da ta san za ta iya fitarwa, sashen kuɗi kuma yana da iyakar jarin da ya yarda a bari kwance a sito. Idan kowa ya riƙe nasa lissafi ya yi aiki da shi, ba a ganin saɓanin a kan takarda, sai ranar da mai saye ya zo aka ce masa kaya sun ƙare, ko ranar da sito ya cika da abin da kasuwa ta riga ta juya wa baya. Taron da ake yi wata-wata domin haɗa waɗannan lissafi wuri guda shi ne ake taƙaita sunansa da haruffan S&OP, wato Sales and Operations Planning da Turanci. Tsarin ya samo asali ne a shekarun 1980, kuma ana danganta shi da Richard Ling da abokan aikinsa na kamfanin ba da shawara na Oliver Wight. Abin da nake so in nuna a nan shi ne cewa amfanin taron yana cikin shawarar da ake yankewa a kan giɓin da ke tsakanin abin da ake so da abin da za a iya, kuma wannan shawara tana da wa'adi, wanda sau da yawa yake wucewa tun kafin kowa ya ji alamar matsala.

Kafin manyan shugabanni su zauna, an riga an yi aikin kusan mako uku. Da zarar wata ya ƙare ana tattara alƙaluman abin da aka sayar, da abin da aka ƙera, da abin da ya rage a sito. Daga nan sashen ciniki yana sabunta hasashensa, sannan masana'anta da masu sayen kayan aiki su auna wannan hasashe da abin da ke hannunsu, sai a yi ƙaramin zama na share fage inda manajoji ke warware abin da za su iya warwarewa da kansu. Abin da ya gagare su kaɗai ake kai wa babban taro. Ana duban gaba ne na tsawon watanni 18 zuwa 24 a yawancin kamfanoni, kuma ana magana a kan rukunin kaya, ba a kan kowane samfuri ɗaya bayan ɗaya ba, domin wanda ya tsaya ƙirga kowane launi da kowane girma a gaban shugabanni zai cinye lokacin zaman ba tare da an yanke komai ba.

Lissafin da duk taron yake tsaye a kansa ba shi da wahala: abin da zai rage a sito a ƙarshen wata shi ne abin da aka fara watan da shi, a tara da abin da aka ƙera, a ɗebe abin da aka sayar. Wahalar tana cikin maimaita shi wata bayan wata da gaskiya. Bari mu ɗauki misali na ƙirƙira domin a ga yadda abin yake tafiya.

A ce akwai masana'antar da ke ƙera fanka, kayan da cinikinsu ke tashi idan zafi ya shigo ya kuma faɗi idan ya wuce. Tana fara wata na ɗaya da fanka 6,000 a sito. Kamfanin ya riga ya amince cewa kada ajiya ta sauka ƙasa da 4,000, waɗanda su ne kayan ko-ta-kwana da ake ajiyewa saboda kuskuren hasashe da jinkirin da ba a zata ba. Sashen ciniki ya kawo hasashen watanni shida kamar haka: 8,000 a wata na ɗaya, 9,000 a na biyu, 11,000 a na uku, 14,000 a na huɗu, 15,000 a na biyar, sai 10,000 a na shida. Jimillar ita ce 67,000.

Tambaya ta farko da ya kamata a yi wa masana'anta ita ce nawa take fitarwa a wata, kuma a nan ake fara samun amsa biyu. A takardar injin, layin haɗa fanka yana iya fitar da 12,000 idan ya yi aiki ba tsayawa. Amma idan aka duba watannin da suka wuce sai a ga abin da ake samu a zahiri bai cika wuce 10,000 ba, domin ana tsayar da layi a canza shi daga wani samfuri zuwa wani, inji yana lalacewa, wani lokaci ma'aikata ba sa cika, kuma akwai kayan da ake mayarwa a gyara. Taron da ya san abin da yake yi da 10,000 yake lissafi. Wanda ya yi lissafi da 12,000 zai ga babu giɓi ko kaɗan, ya tashi taro kowa na murna, alhali an yi alkawarin fanka 2,000 a kowane wata da ba a saba ƙera su ba.

To, idan aka ɗora 10,000 a kowane wata, ajiya za ta tashi zuwa 8,000 a ƙarshen wata na ɗaya, ta kai 9,000 a na biyu, ta dawo 8,000 a na uku. Har zuwa nan duk wanda ya leƙa sito zai ce kaya sun yi yawa, kuma ba abin mamaki ba ne a ji mai kula da kuɗi yana neman a rage aiki. A wata na huɗu ajiya za ta faɗo zuwa 4,000 daidai, a na biyar kuma ta ƙare ƙaƙaf har a rasa fanka 1,000 da masu saye ke nema. Idan aka haɗa da kayan ko-ta-kwana da ya kamata su rage, giɓin a ƙarshen wata na biyar ya zama 5,000. Abin lura shi ne a jimillar watanni shida bambancin bai yi kama da abin tsoro ba, tunda 66,000 ake da su ana neman 67,000, amma kasuwa ba ta sayen jimilla, a wata na biyar take son kayanta.

Hanya mafi kusa ta cike giɓin ita ce aikin ƙarin sa'o'i. A ce masana'antar tana iya ƙara 1,500 a wata ta wannan hanya, fiye da haka kuma ma'aikata su gaji, kuskure ya yawaita, injin ya rasa lokacin gyara. Domin a tara 5,000 kafin ƙarshen wata na biyar ana bukatar watanni huɗu, wato dole a fara tun wata na biyu, lokacin da sito yake cike kuma babu mai saye ɗaya da ya yi ƙorafi. Idan aka fara a wata na uku, 4,500 za a samu. Idan aka jira sai na huɗu, lokacin da ajiya ta fara zubewa kowa yana gani, 3,000 kawai za a samu, a ƙare da 2,000 a sito, rabin abin da aka amince. Wannan shi ne wa'adin da na ambata. Kowane wata da aka bari ya wuce yana tafiya da fanka 1,500 da ba za a iya dawo da su ba, domin sa'o'in da ba a yi aiki da su ba a wata na biyu ba a ajiye su a yi amfani da su a wata na biyar.

Sai dai layin haɗawa ba shi kaɗai ne iyaka ba, kuma a nan ne wanda ke sayen kayan aiki yake da magana. Kowace fanka tana bukatar ƙaramin injin da ke juya ta, kuma a ce mai kawo waɗannan injina yana ɗaukar wata biyu daga ranar da aka ba shi oda zuwa ranar da kaya za su iso. Odar da ke kan hanya an yi ta ne bisa 10,000 a wata. Saboda haka ko da taron da ake yi a farkon wata na ɗaya ya amince da ƙarin aiki nan take, injinan ƙarin ba za su iso ba sai farkon wata na uku. Ƙarin aikin wata na biyu ya riga ya kuɓuce tun kafin a zauna, kuma mafi yawan abin da za a iya samu yanzu shi ne 4,500. Da shi ajiya za ta kasance 9,500 a ƙarshen wata na uku, 7,000 a na huɗu, 3,500 a na biyar. Babu mai saye da zai koma hannu rabbana, amma za a ci 500 daga cikin kayan ko-ta-kwana. Ko a yarda da hakan na wata ɗaya, ko a ba wata masana'anta kwangilar 500 ɗin a farashi mafi tsada, ko a ɗage wani rangwame da aka shirya yi a wata na biyar zuwa na shida, wannan shawara ce da babu sashe ɗaya da zai iya yanke ta shi kaɗai, kuma irinta ce ake kai wa shugaban kamfani.

Duk wannan lissafi ya tsaya ne a kan cewa 67,000 hasashe ne na gaskiya, kuma a ganina wannan shi ne wurin da ya fi cancantar a daɗe a kansa. Hasashe shi ne abin da ake ganin ya fi yiwuwa ya faru. Buri kuwa shi ne abin da shugabanni ke so a cimma, kuma sau da yawa a kansa ake auna ladan masu sayarwa. Idan aka cakuɗa su, adadin da ke zuwa taro yana karkata ɓangare ɗaya. Mai sayarwa da ya taɓa rasa kaya a tsakiyar kakar ciniki zai ƙara wani abu a hasashensa domin masana'anta ta tanadar masa da yawa, wanda kuma ake ba lada idan ya zarce adadinsa zai rage domin ya zarce cikin sauƙi. Babu ɗayansu da yake ganin ƙarya yake yi, kowa yana kare kansa ne. Masana'anta ma idan ta gane ana cika mata adadi sai ta fara ragewa a ɓoye, sashen ciniki ya gane ana rage masa sai ya ƙara cikawa, har a kai inda babu wanda ya yarda da adadin da aka sa wa hannu.

Ana gane wannan ta hanyar ajiye hasashen kowane wata a gwada shi da abin da ya faru, kuma abubuwa biyu ake dubawa. Na farko girman kuskure, wato nisan da ke tsakanin hasashe da ciniki ko ta wane ɓangare. Na biyu karkata, wato ko kuskuren yana faɗawa ɓangare ɗaya kullum. Kuskuren da yau ya yi sama gobe ya yi ƙasa halin kasuwa ne, kuma dominsa ake ajiye kayan ko-ta-kwana. Amma idan watanni shida a jere hasashe ya fi ciniki, wannan ba rashin sa'a ba ne, akwai wani abu a yadda ake haɗa adadin.

A ce a misalinmu an duba aka ga hasashen sashen ciniki ya zarce abin da aka sayar da kusan kashi 8 cikin ɗari a kowane ɗaya daga cikin watanni shida da suka gabata. Hasashen watanni biyar na farko 57,000 ne. Idan karkatar ta ci gaba, ainihin cinikin zai tsaya wajen 52,800, ajiya a ƙarshen wata na biyar ta kasance kusan 3,200 ba tare da ƙarin aiki ko na sa'a ɗaya ba. Giɓin da aka ce 5,000 ne ya koma 800. Idan kuma aka riga aka yi ƙarin 4,500 ɗin, za a fita daga kakar zafi da fanka sama da 8,000 a sito a ƙarshen wata na shida, ninki biyu na abin da ake bukata, a daidai lokacin da ciniki ke shirin kwantawa. An biya ma'aikata kuɗin ƙarin sa'o'i domin ƙera kayan da za su zauna wata da watanni suna cin wuri da jari, wataƙila daga ƙarshe a sayar da su da rangwame.

Irin wannan ya faru ga manyan kamfanoni. A shekarar 2001 kamfanin Cisco mai ƙera na'urorin sadarwar intanet ya rage darajar kayan da ke ajiyarsa da sama da dala biliyan 2, bayan da bukatar da ya yi tanadi dominta ta ɓace. Daga cikin dalilan da aka bayar akwai cewa a lokacin ƙarancin kaya masu saye sun riƙa maimaita oda ɗaya a wurare da dama domin su samu ko ta ina, sai odar ta yi kama da bukata mai yawa. Jay Forrester, masani a jami'ar MIT ta Amurka, ya riga ya nuna tun wajen 1961 yadda ƙaramin motsi a cinikin ƙarshe yake girma yayin da yake hawa daga mai shago zuwa dila zuwa masana'anta. Shi ya sa a taro ake tambaya ko adadin da aka kawo abin da masu amfani da kaya ke saye ne, ko kuwa abin da diloli ke tarawa a nasu sito.

Amma kada a yi saurin yanke kashi 8 daga hasashe a tashi. Abin da aka sayar ba kullum ne yake daidai da abin da aka nema ba. Idan a cikin watannin nan shida akwai lokacin da wani samfuri ya yanke a sito, cinikin da aka rubuta ya yi ƙasa ne saboda babu kayan, kuma hukunta hasashe da wannan adadi zalunci ne da zai sa a sake yin ƙarancin. Dole a duba odar da ba a cika ba da wadda aka soke. Haka kuma karkatar da aka auna a watannin sanyin ciniki ba lallai ta zama ita ce ta lokacin zafinsa ba. Gaskiyar magana ita ce taron yana gaban adadi biyu, 800 da 5,000, kuma ba shi da hanyar tabbatar da ɗaya a yau.

Abin da za a yi shi ne a raba shawarwarin bisa wa'adinsu. Odar injina ba ta jira, domin idan ba a ba da ita a wannan watan ba ƙarin aikin wata na uku ma ya tafi. Haɗarinta kuma ƙarami ne, tunda injin da ba a yi amfani da shi ba bai kai cikakkiyar fanka tsada ba, bai cin wuri sosai, kuma za a iya rage odar gaba a cinye shi a aikin yau da kullum. Saboda haka a ba da odar 4,500 yanzu. Shawarar ƙarin sa'o'i kuwa tana iya jira har farkon wata na uku, muddin an sanar da ma'aikata tun da wuri cewa akwai yiwuwarta. Kafin lokacin an ga cinikin watanni biyu. Hasashe ya ce 17,000, karkata ta ce wajen 15,700. Sai a rubuta tun yau cewa idan cinikin ya kai 16,500 za a fara ƙarin aiki gadan-gadan, idan bai kai ba a jinkirta shi zuwa wata na huɗu a sake dubawa. Amfanin rubuta iyakar tun kafin a ga sakamako shi ne a hana kowane ɓangare fassara alƙaluman yadda suka yi masa daɗi idan sun fito.

Akwai abin da wannan taro ba ya warwarewa, kuma gara a san shi. Jimillar rukuni tana iya fita daidai amma rabon cikinta ya karkace, a ce fankar tsaye ta ƙare, fankar rufi kuma ta yi yawa. Wannan aikin jadawalin mako-mako ne na masana'anta, wanda yake aiki a cikin iyakar da taron ya gindaya. Haka nan yawancin kamfanoni suna kulle makonnin da ke gaba kaɗan, ba a canza jadawalinsu sai da izinin babban jami'i, domin canjin gaggawa yana cin sa'o'in da tun farko aka ce sun yi kaɗan.

Ba wuya a gane taron da ya fara zama al'ada kawai. Za a ga mafi yawan lokacin yana tafiya a kan bayanin abin da ya faru a watan jiya da neman mai laifi, ko a kan odar mutum ɗaya da za ta fita jibi. Za a ga sashen kuɗi yana da nasa adadi dabam da yake kai wa hukumar daraktoci, wanda bai dace da na taron ba. Shugaban da ke da ikon amincewa da kashe kuɗi yana turo wakili, sai a tattauna giɓi a ɗage shi zuwa wata mai zuwa, kuma mun ga nawa wata ɗaya yake ci. Alamar da ta fi kowace bayyana tana cikin takardar bayan taro. A misalinmu ya kamata a same ta ɗauke da abubuwa kaɗan masu suna da rana: mai sayen kayan aiki zai ba da odar injina 4,500 a cikin makon nan, manajan masana'anta zai sanar da ma'aikata yiwuwar ƙarin sa'o'i daga wata na uku, shugaban ciniki zai kawo jerin odar da ba a cika ba ta watanni shida da adadin da ke hannun manyan diloli, shugaban kamfani kuma ya amince ajiya ta sauka zuwa 3,500 a wata na biyar idan cinikin watanni biyu na farko ya kai 16,500.